Ragon yayana yana cin dusa a durƙushe, kofatonsa yana wari

Assalamu alaikum, Malam. Ina da awaki biyar da tunkiya ɗaya a gida, sai kuma wani rago balami da yayana ya ba ni in turke masa, in an sayar mu raba riba. Tunkiyar a kasuwa na sayo ta farkon damina. Da ruwa ya zauna sai ta fara ɗingishi, ragon ya kama, yanzu har da awaki biyu. Ƙafafun suna wari, ragon kuma a durƙushe yake cin dusa. Wani maƙwabcinmu ya zo da wuƙa ya yanke masa kofato har jini ya fito, ya zuba baƙin mai, ya ce sai an ƙwaƙule ruɓaɓɓen duka. Abin sai ƙaruwa ya yi. Maigidana ya ce in kai su kasuwa tun ba su rame ba. Ni kuwa har yanzu ban gaya wa yayana ba, kunya nake ji. Yaya zan yi?

Maman Nana, Damagaram

Wa'alaikumus salam, Maman Nana. Allah ya ba bisashenki lafiya, ya sa albarka a kiwon.

Kafin komai, a ajiye wuƙa. Kada ki bari kowa ya sake kai ta ƙafar ragon nan, ko da wane ne, ko da yana da kyakkyawar niyya. Ciwon ruɓewar kofato yana warkewa, kuma yawancin dabbar da aka yi wa magani daidai takan taka ƙafarta cikin mako guda. Abin da ƙafa mai wari take bukata shi ne allura, da busasshiyar ƙasa, da a bar ta ta sha iska. Yankan kofato aiki ne na daban, yana da lokacinsa, zan zo gare shi. Haɗa ayyukan nan biyu wuri guda shi ne yake gurgunta dabbobi da yawa a gidajenmu duk damina.

Gobe da safe ki nemi wanda zai riƙe miki, ki duba bisashen nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, kowace ƙafa, har da waɗanda ba su nuna komai ba. Ki fara da masu lafiya, ki ƙare da marasa lafiya. Ki wanke ƙafar da ruwa, ki buɗa tsakanin yatsun kofaton biyu da hannunki ki leƙa. Fata mai lafiya a wurin a bushe take, da ɗan gajeren gashi. Idan kika ga ta yi ja ko ta yi fari-fari ta jiƙe, gashin ya zube, wannan shi ne matakin farko, ciwon yana kan fata kawai. Idan kuwa akwai wani abu mai kama da toka-toka yana yauƙi, ga wari irin wanda yake manne wa hannu, kuma kika ga ƙahon kofaton ya fara ɗagowa daga nama ta wajen dunduniya yana tafiya ƙarƙashin tafi, to ruɓewar ce sosai. A wajen tumaki takan yi nisa ƙarƙashin kofato, a wajen awaki kuwa sau da yawa ta fi tsananta a fatar da ke tsakani.

Na ce ki duba da idonki ne domin ba kowane ɗingishin damina ne wannan ciwo ba. A ƙasarmu kaska takan shige tsakanin yatsu ta kama, dabba ta ƙi taka ƙafa, da an cire ta an wanke wurin shi ke nan. Ƙarangiya da tsidau su ma suna maƙalewa a wurin, haka busasshiyar laka da ta daskare. Akwai kuma ƙurji na cikin kofato: shi ƙafa ɗaya yake kamawa, yatsa ɗaya ya yi zafi ya kumbura ta sama, a inda gashi ya ƙare kofato ya fara, daga baya mugunya ta fashe ta nan. Ragon da aka cika wa dusa ko hatsi farat ɗaya shi ma yakan yi tafiya kamar a kan garwashi, kofatan su yi zafi, amma babu wari, tsakanin yatsu kuma tsaf. Wanda ya fi duka bukatar hanzari shi ne idan kika ga miki ko ƙuraje a baki da dasashi, ga zazzaɓi, ga dabbobi da yawa sun kama cikin kwana biyu ko uku. Wannan yana iya zama ciwon baki da ƙafa, ba a yi masa shiru, sai a sanar da ma'aikatar kiwo. Saboda haka ki buɗe bakin kowace ki duba. Alamun da ke garkenki sun fi karkata ga ruɓewar kofato, amma dubawar ba ta cin ko dala.

Yana da kyau ki san yadda ciwon yake shiga, domin daga nan ne za ki gane dalilin kowane mataki. Kin san yadda ruwa yake cin tsakanin yatsun ƙafar mace mai yawan wanki, fatar ta yi fari ta tsage. Haka yake faruwa ga dabbar da ta kwana ta wuni a tsaye cikin dagwalon kashi da fitsari. Da fatar ta yi laushi sai wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin kashin dabbobi a kowane turke ta samu ƙofa. Ita kaɗai ba ta cika wuce fata ba. Akwai ta biyu, wadda ita ce uwar ɓarna, domin tana narkar da ƙahon kofato ta raba shi da nama. Wannan ta biyun ba a ƙasa take zama ba, gidanta shi ne ƙafar dabba. A ƙasa ba ta cika wuce mako biyu a raye ba, a busasshen yashi mai rana ma ba ta kai haka. Amma a cikin wani ɗan lungu na kofato tana iya ɓuya watanni, duk tsawon rani, dabbar tana tafiya lafiya lau, sai ruwa ya sauka ta farka. Shi ya sa nake zaton tunkiyar ce ta shigo miki da ita, kuma mai yiwuwa ranar da kika saye ta babu wanda zai iya ganewa daga tafiyarta. Duka ƙwayoyin biyu ba sa son iska. Suna son wuri mai ɗumi, mai danshi, rufaffe.

Mutane sukan yi mamaki, su ce ina Damagaram ina ruɓewar kofato, garin da ruwansa na shekara bai taka kara ya karya ba, kuma ƙasarsa yashi ce. Gaskiya ne dabbar da ke fita jeji ba ta cika kamuwa ba. Amma turken cikin gida ba yashi ba ne. Kashi ne na shekara da shekaru da ragowar harawa suka danne suka zama tabarma, in ruwan Agusta ya sauka a kai ba ya shanyewa, kuma dabbar tana ɗaure, ba ta da inda za ta kauce.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce a ajiye wuƙa. Maƙwabcinku bai yi don mugunta ba, abin da aka daɗe ana koyarwa ke nan, har a makarantun kiwo: a fere duk ruɓaɓɓen kofato don iska ta shiga. Amma a 2010 masu bincike na Jami'ar Warik ta Ingila sun buga sakamakon gwajin da suka yi a kan tumaki masu wannan ciwo, inda suka ga waɗanda aka yi wa allura aka bar kofatonsu sun fi saurin warkewa, yankan kuwa jinkirta warkewa yake yi. Hankali ma ya ɗauka. Naman da ke ƙarƙashin kofato ya riga ya kumbura yana ciwo, ƙahon da ke kansa shi ne kaɗai abin da ke tsare shi daga ƙasa. In an fere shi, dabbar tana taka ɗanyen nama a kan kashi. Idan kuma wuƙa ta kai ga jini, musamman a tsinin yatsa, wani jan tsiron nama yakan fito daga wurin, mai zubar da jini da an taɓa shi, kofato ba ya iya rufe shi, dabba ta daɗe tana ɗingishi ko ta zauna haka. Wuƙar kanta, in ba a wanke ta ba, ita ce ke ɗaukar cutar daga ƙafa zuwa ƙafa. Baƙin mai kuwa ba ya kashe wannan ƙwaya. Rufe mikin yake yi ya hana shi iska, ga datti yana mannewa, ga dabba tana lasa. Haka girezil tsantsa da ruwan batir da wasu ke zubawa, ƙona naman suke yi.

Maganin da aka fi samu a nan shi ne allurar oksitetirasikilin mai dogon aiki, ta kashi 20 cikin ɗari. Ki lura da wannan lamba a jikin kwalba, domin akwai ta kashi 5 da ta kashi 10 a kasuwa, sunansu ɗaya. Wanda ya ɗebi ta kashi 5 da awon ta kashi 20, rubu'in magani kawai ya ba dabbarsa, sannan ya ce allura ba ta aiki. Awon ta kashi 20 shi ne mililita 1 ga kowane kilo 10 na nauyin dabba, a cikin tsoka. Mu ɗauka ragonku ya kai kilo 60, to mililita 6 ke nan, kuma ba a zuba fiye da mililita 5 a wuri guda domin maganin yana da zafi, yana kumbura nama. Sai a raba, 3 a wannan gefe, 3 a wancan. Tunkiya mai kilo 35 za ta samu mililita 3 da rabi, akuya mai kilo 25 kuma 2 da rabi. Kada a yi awon da ka. Mutane sun fi rage wa babban rago nauyi, sai a ba shi awon akuya. In akwai sikelin hatsi kusa, a rataya ragon a cikin buhu a auna, in babu a bar wanda idonsa ya saba ya ƙiyasta.

Ba na son ki yi allurar da kanki in ba ki taɓa koya ba. A cinyar akuya akwai wata babbar jijiya, in allura ta same ta, ƙafar takan shanye, an je gyaran ɗingishi an dawo da gurguwa. Ki kira ma'aikacin kiwo ko likitan dabbobi mai zaman kansa, kuɗin zuwansa bai kai abin da ragon zai zubar na nama cikin mako biyu ba. Ki gaya masa wace akuya ce ke da ciki, wace ake tatsa, kuma ki nuna masa ƙafar da aka yanka da kyau. Ki tambaye shi ko zai ƙara wa ragon maganin rage zafi, domin dabbar da ke jin ciwo ba ta cin abinci yadda ya kamata. Maganin kuma a saye shi a shagon magungunan dabbobi, a duba ranar ƙarewarsa. Wanda ya wuni a faranti cikin ranar kasuwa ban yarda da shi ba.

Ba dukansu ne za a yi wa allura ba. Ragon da tunkiyar, da duk wadda kofatonta ya fara ɗagowa, su ne na allura. Akuyar da ciwonta bai wuce fata ba, maganin fesawa ya ishe ta, wannan mai launin shuɗi da ke cikin gwangwani. Shi ma akwai yadda ake yinsa. A wanke ƙafar da ruwan gishiri, a cire duk datti, a tsane ta da tsumma mai tsabta, sannan a buɗa yatsun a fesa har cikin tsagar. A jira kamar minti guda ya bushe, a sake fesawa, a tsayar da dabbar a busasshen wuri na awa ɗaya. In an fesa a kan laka aka sake ta cikin dagwalo, an yi wa ƙasa magani ne. Waɗanda aka yi wa allura su ma a fesa musu duk ƙafafun huɗu, domin allura tana aiki daga ciki, feshin kuma yana rage ƙwayoyin da suke zubarwa a ƙasa. Kada a naɗe ƙafar da tsumma ko leda. Ki riƙa duba ta ragon kullum saboda ƙuda, in kin ga tsutsa a tsince ta a wanke a fesa.

Idan shagon yana da sulfat na zinki, wani farin gari ne, ki saya domin jiƙa ƙafafun garken duka, masu lafiya da marasa lafiya. Awonsa giram 100 a lita 1 ta ruwa, wato kilo guda a lita 10. Bisashe bakwai ba sa bukatar a gina musu kwatami. Ki yanke gindin bido na roba, ki zuba ruwan maganin ya kai inda zai rufe kofato har ya taɓa gashi, ki tsayar da ƙafafun gaba minti 10 zuwa 15, sannan na baya. A wanke ƙafa kafin a tsoma. A maimaita sau ɗaya a mako har damina ta ɗauke. In ba ki samu wannan ba aka ba ki mai launin shuɗi, sulfat na jan ƙarfe, ki yi hattara ƙwarai: tumaki ba sa jure jan ƙarfe, in suka sha ruwan yana iya kashe su, kuma yana cin bokitin ƙarfe. Ni da za ki bi ta tawa, gida mai yara da kaji da tumaki, gara a haƙura da shi a tsaya ga feshi.

Duk wannan ba zai yi amfani ba in suka koma inda suka fito. A ranar da aka yi allura, a ranar za a sauya musu wuri. Marasa lafiya a gefe guda, masu lafiya a wani gefen, kowane da abin shan ruwansa, kuma kada ruwan da ke gangarowa daga wajen marasa lafiya ya bi ta wajen sauran. Ki sa yara su kankare tsohon turken da fartanya har su kai ga asalin ƙasa, a kwashe takin a kai gona, a bar wurin babu dabba mako biyu cur. Wannan mako biyun shi ne yake kashe ƙwayar da ke ƙasa, ba sai kin sayi komai ba. Sabon wurin a zuba masa yashi ya yi tudu kamar taƙi guda, ya ɗan gangara don ruwa ya wuce, a yi masa rumfa ko da ta zana da leda ce. A share kashi kowace safiya. Wurin da ya fi jiƙewa kullum shi ne gindin abin shan ruwa, sai a riƙa gusar da shi, a barbaɗa farar ƙasa ko busasshiyar toka a wurin. Na san gidajen cikin gari ba su da fili, wani gidan turken ma a bakin makwarara yake. In haka ne, ko soro ne ko wani kango na maƙwabta, a roƙa a ajiye marasa lafiyar na ɗan lokaci.

Ki sa wa waɗanda aka yi wa allura alama, ki rubuta ranar a bango. Bayan kwana uku ya kamata warin ya ragu, wurin ya fara bushewa. Daga kwana biyar zuwa mako guda ya kamata su fara taka ƙafa. Ragon zai fi sauran daɗewa saboda yankan da aka yi masa, kada hankalinki ya tashi in ya kai mako biyu ko uku yana ɗan ɗingishi, muddin yana cin abinci a tsaye kuma mikin yana bushewa. Wadda kuwa har bayan mako guda ƙafarta tana yauƙi tana wari, a sake kiran ma'aikacin, shi zai ga ko a maimaita allurar ko a sauya magani. In kumburi ya hau sama zuwa gaɓa, ko dabba ta daina ci gaba ɗaya, ba a jira mako.

Sai bayan ƙafa ta bushe, dabba tana takawa, sannan ake maganar yanka. A lokacin za ki ga wani ɓangare na tsohon kofaton ya rabu da nama ya bushe yana reto, sabo yana tsirowa a ƙarƙashinsa. Wannan mai reton kaɗai za a datse, don kada ya riƙa tara datti. Abin da yake manne da nama a bar shi, ko da siffarsa ba ta da kyau. Kofato a hankali yake tsirowa, 'yan milimita kaɗan a wata, saboda haka zai ɗauki watanni kafin ya koma yadda yake.

Yanka na ainihi na ƙafa mai lafiya ne wadda kofatonta ya yi tsawo. Awakin da ke bin makiyayi suna hawa duwatsun bayan gari, tafiya ce take goge musu kofato, da wuya su bukaci wuƙa. Na turke kuwa ba sa tafiya, ga dusa da harawa suna sa kofato tsiro, sai bangonsa ya zarce tafi ya lanƙwashe ciki, ya zama aljihu mai tara kashi. Ki riƙa dubawa duk wata biyu, amma ki yanka wanda ya nuna bukata kawai. Kayan aikin da ya fi shi ne almakashin da masu lambu ke datse reshe da shi, domin yana cizo kaɗan-kaɗan, ba ya zamewa. In wuƙa ce, ta zama ƙarama mai kaifi sosai, a riƙa yanka ana nesanta ta daga jiki. Dakusasshiya ita ce take kuɓucewa ta shiga nama. A rani kofato yana tauri ƙwarai, sai a tsayar da dabbar a jiƙaƙƙen yashi ko a ruwa na ɗan lokaci ya yi laushi.

Tunkiya ko rago ana zaunar da shi ne a kan gindinsa, bayansa ya jingina da ƙafafun mai riƙo, a haka yakan natsu. Akuya ba ta yarda da wannan zama, ita a tsaye ake yi mata, a matse ta da bango, a lanƙwasa ƙafar a ɗago. Mai tsohon ciki kada a kayar da ita. A fara da ƙwaƙule dattin da tsinke har a ga tafin sosai. Sannan a datse bangon da ya lanƙwashe, daga dunduniya zuwa tsini, har ya zo daidai da tafi ko ya ɗara shi kaɗan, domin bangon ne yake ɗaukar nauyin dabba. A taɓa na cikin tsagar shi ma in ya zarce. Dunduniya ba ta cika son yanka ba, sai in ta yi tudu. A riƙa ɗauka siriri-siriri, ana dubawa bayan kowane yanka. Da kin ga farin ya fara komawa ja-ja, ki tsaya, jini yana dab. Kada a guntule tsinin yatsa a kwance don a rage tsawo da sauri, nan ne aka fi samun jini. Yadda za ki san an yi daidai shi ne ki ajiye ƙafar a ƙasa ki duba daga gefe: ƙasan kofaton ya yi layi ɗaya da layin da gashi ya ƙare, yatsun biyu kuma tsawonsu ɗaya. Kofaton da ya yi tsawo ƙwarai har ya murɗe ba a gyara shi rana ɗaya, domin naman ciki ya biyo shi. A rage kaɗan, a dawo bayan mako biyu. In an yi kuskure jini ya fito, a danne da tsumma mai tsabta har ya tsaya, a fesa magani, a ajiye ta a busasshen wuri. Tsakanin dabba da dabba a goge almakashin a tsoma shi cikin ruwan jabel, guntayen kofaton kuma a tattara a ƙone. Dutse kuwa ba ya wuya a garin nan: ki samo mai faɗi mai kaushi ki ajiye inda suke tsayawa cin abinci, zai rage miki yawan yanka.

Maganar kasuwa, ki gaya wa maigida cikin ladabi cewa yanzu ne lokacin da ragon ya fi arha a rayuwarsa. Dillali yana ganin ɗingishi zai karya kuɗin, kuma rago mai bayyanannen ɗingishi yana cikin waɗanda ba sa isar wa layya, kowa ya san haka. Layya yanzu a bazara take faɗowa, akwai watanni a gaba da zai warke ya mayar da jikinsa. Ban da haka, duk wanda ya sayi awakin nan ya kai gidansa, kin kai masa abin da aka kawo miki. Bayan allura kuma akwai kwanakin da ba a yanka dabba a ci, an rubuta su a jikin kwalba, yawanci mako uku zuwa huɗu ne ko fiye. Ki riƙe kwana 28 a matsayin mafi ƙaranci, in kwalbar ta faɗi fiye ki bi nata. Nonon akuyar da aka yi wa allura shi ma kada a ba yara, aƙalla mako guda, ki tambayi ma'aikacin ya faɗa miki iyakar kwanakin. In za a sayar a cikin wannan tsakani dole a gaya wa mai saye.

Yayanki kuwa ki kira shi yau, kada ki bari sai gobe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dukiyarsa ce, yana da haƙƙin sani, kuma labarin da ya ji daga bakinki tare da abin da kika shirya yi ya fi wanda zai ji daga bakin wani. Ki ce masa, "Yaya, ragon ya kamu da ciwon ƙafa na damina, an yi kuskuren yanke masa kofato, na kira likitan dabbobi, ga abin da za a kashe." Tunda riba ta ku biyu ce, ba abin kunya ba ne ku yi magana a kan kuɗin magani tun yanzu, a rubuta shi cikin abin da za a cire kafin rabo. Maƙwabcin kuma ki yi masa godiya, ki ce likita ya ce a dakata da yanka. Wannan ya isa, ba sai an yi gardama ba.

Tunkiyar ce nake so ki sa wa ido fiye da kowa. In ta warke ta zauna lafiya, madalla. In kuwa aka yi mata magani sau biyu ta sake kamuwa, ko kofatonta ya zauna a murɗe da tsagogi masu zurfi, to ita ce ma'ajiyar cutar, kuma duk damina za ta sake rarraba ta ga sauran. Irin wannan a bari kwanakin allura su cika, a kai ta wajen mahauci kai tsaye, ba wajen mai kiwo ba. Nan gaba duk dabbar da za ki saya, ki ɗaga ƙafafunta huɗu a nan cikin kasuwa, ki buɗa tsagar ki sansana kafin ki biya. In kin kawo ta gida ki ɗaure ta ita kaɗai mako uku zuwa huɗu, ki fesa mata magani ko ki jiƙa ƙafafunta a ranar farko, ki sake dubawa kafin ki haɗa ta da sauran. Aikin kankare turke da zuba sabon yashi kuma ki mayar da shi watan Mayu ko farkon Yuni, kafin ruwan farko, lokacin da takin yake a bushe kuma manoma suna nemansa.